Fakon Abdulmumin

Ni da Balki ba mu taɓa zama ƙawaye ba, gara in faɗa tun da wuri kada wani ya ɗauka yabonta na zo yi. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a Gidan Takawa, ƙauyen da ke bayan dutse idan ka baro Deule. A kan katangar nan mun yi faɗa saboda kaji, mun yi saboda ruwan wanka da ke gangarowa, mun yi saboda abin da ni kaina na manta. Mace ce mai taurin kai, mai raina aikin kowa. Ki haƙa rami tun safe, ta zo ta zura ƙafa ta ce bai kai ba. Amma ina wurin ranar da aka yi mata abin da aka yi mata a Deule, kuma tun da mazan garinmu suna ba da labarin yadda ya yi musu daɗi, ni Kaltuma zan ba da nawa.

Iyayen Balki azna ne, irin mutanen da suka riga kowa zama a duwatsun Adar. Kakanta ne ke yanka a gindin dutse kafin a yi shuka. Ubanta ya kama salla tun ba a haife ta ba, ya mutu da carbi a hannu, amma a garinmu ba a mantuwa da irin wannan. Da Abdulmumin, ɗan gidan malamai, ya gan ta tana sayar da tafasa a kasuwar Deule ya ce ita yake so, gidansu ya ɗauki zafi. Uwarsa, Inna Fatsima, ta ce 'yar azna ba ta san kunya ba, kuma ba za ta koya ba. Shi kuwa mutum ne marar hayaniya, amma idan ya kafe ya kafe. Aka ɗaura aure, aka kawo amarya gidan da babu mai son ganinta sai mutum ɗaya.

Maganar nan ta Inna Fatsima ita ce ta yi wa Balki linzami duk rayuwarta. Ta ɗauki kunya ta yi mata riƙon da ko 'ya'yan liman ba su yi ba. Kowa ya san mace ba ta kiran sunan mijinta, amma yawancinmu mukan yi sakaci. Ni nan idan nawa ya ɓata mini rai, ina kiran sunansa a cikin ɗaki har da na ubansa. Balki kuwa ko a mafarki. Idan za ta ambace shi sai ta ce "shi", ko "mai gidan". Duk yaron da aka raɗa wa Abdulmumin a garin, a bakinta "mai sunan malam" ne. Ta taɓa dawowa daga likita ba a yi mata kati ba, don an tambaye ta sunan miji ta yi shiru, babu kuma wanda ya raka ta balle ya faɗa. Muka yi ta yi mata dariya a bakin rijiya. Ita ko a jikinta, don ta san abin da take saye da shirun nan: har suka tsufa, Inna Fatsima ba ta sami inda za ta kama ta ba.

Arewa da gari akwai wani fako na gidansu Abdulmumin, wanda ya faɗo a rabonsa lokacin gado. Ƙasa ce ja mai tauri, ruwa na sauka ya wuce kamar a bayan faranti, ko akuya ba ta tsayawa. Da masu aikin gyaran ƙasa suka zo suna koya wa mutane haƙa ramuka masu siffar rabin wata don su tare ruwa, maza suka tafi cirani suka bar mu da koyo. Balki ta tara mu mata, muka kafa gurupma, wato ƙungiya, muka naɗa ta shugaba don babu mai iya jure bakinta idan wata aka naɗa. Abdulmumin ya ce mu ɗauki fakon mu yi ta aiki, na mata ne. A gaban mutane ya faɗa, amma da baki ya faɗa, kamar yadda ake komai a lokacin.

Mun ci wuya a wurin nan. Mun fasa ƙasa da diga a tsakiyar rani, mun ɗauko duwatsu a kai mun jera, mun kwaso taki daga garke. Hannuwana har yau ba su koma na mace ba. Shekarun farko abin da muka samu bai kai a ba da labari ba. Daga baya ƙasa ta yi laushi, gero ya tsaya, muka sa yakuwa da kuɓewa a gefe, itatuwan da muka dasa suka fara inuwa. Gidaje da yawa a garin, har da nawa, da hatsin wurin nan suke ƙarasa bazara. Mutane suka ci gaba da kiransa Fakon Abdulmumin, ko da yake ya daina zama fako. Balki ita kaɗai ke cewa "gonar arewa".

Abdulmumin ya rasu da ciwon ƙirji, 'ya'yansa duk mata, duk sun yi aure. Ba a daɗe da share makoki ba ƙanensa Abdurrazak ya fara zagaya gonar da yamma, hannu a baya, yana ƙirga itatuwa da ido. Abdurrazak ya yi lakwal, karatun boko, kaɗan, ya zauna Madawa yana harkar albasa, ya dawo da babur da waya babba da bakin da ba ya gajiya. Wurin da bai taɓa ɗaga dutse ɗaya ba, yanzu ya tuna ƙasar ubansa ce. Bai je wurin mai gari ba, don ya san akwai waɗanda suka ji kyautar da kunnensu. Sai ya tara abokan shayinsa ya kafa tasa gurupma, ta matasa wai, alhali ƙaraminsu ya yi furfura.

Abin da ya hango shi ne wani furoje, wato shirin tallafi, da ya shigo yankin, mai taimaka wa ƙungiyoyin da suka gyara ƙasa su sami takardar fili daga hukumar filaye. Ma'aikacinsu na wajenmu, wani saurayi mai suna Aliyu, ya zo ya yi mana bayani. Za a yi taro ta intanet, shugabannin ƙungiyoyi na Buza da Keita da Madawa duk a lokaci ɗaya, jagorar taron tana birnin Tawa. Kowane shugaba zai gabatar da kansa da bakinsa: sunansa, ƙungiyarsa, garinsa, da sunan filin da yake nema. Za a naɗi muryoyin, don an sha kai musu sunayen ƙungiyoyin da babu su. Filin da ƙungiya ɗaya ta ambata, za a wuce da shi gaba. Wanda biyu suka ambata, za a dakatar da shi sai an zo an bincika.

Aliyu ya ce ba a neman Balki ta ci gardama, ba a ma neman ta yi gardama. Ta faɗi sunan filin kawai, yadda aka san shi, yadda Abdurrazak ya riga ya ba da shi. Ina kallonta lokacin da maganar ta isa inda za ta isa. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Ba ni cewa gonar arewa?" in ji ta.

"Inna, ba su san gonar arewa ba," in ji Aliyu. "Kowane gari da arewa tai. In kin ce haka, sai su ɗauka wani hili na daban."

Na ce to a bar ni ni in faɗa, ai bakina ba ya ciwo. Ya ce shugaba aka ce, kuma sunan Balki aka sani. Muka ce a sauya shugaba, ya ce an rufe karɓar sunaye. A hanyar gida na ce mata ta daina wauta, mutumin nan yana kabari, ba zai ji ba. Ta juyo ta watsa mini wani kallo.

"Ke kin saba, Kaltuma. Naki ma da rai nai kike kira nai kamar yaron aike."

Ban ƙara ce mata komai ba har ranar taron, ita ma ba ta ce mini ba.

A Deule aka yi, a wani ɗakin ajiyar hatsi da aka share, don can ne rezo, wato sabis ɗin waya, ke ɗan kamawa. Aliyu ya ɗora ordinatarsa, kwamfutar aikinsa, a kan tebur, ya rataye wayarsa a taga don daga ita intanet ɗin ke zuwa. Ya tara mu kafin a fara ya yi mana gargaɗi. Lokaci kaɗan ne, in ji shi, don manhajar da suke amfani da ita ta kyauta ce, idan lokacinta ya cika rufe kanta take yi ko ana tsakiyar magana. Kowa minti guda gare shi. Ban da gaisuwa, ban da tarihi. A matso kusa da na'ura, a yi magana a hankali, a faɗi abu huɗun nan a yi shiru. Ya kashe kamara, ya ce hoto na cinye rezo, murya ta fi muhimmanci.

Da muka shiga na ga abin da ya tayar mini da hankali. Ɗakin cike yake da mutanen garinmu da ba su da abin yi a wurin. Ga baffannin Abdulmumin biyu a kan tabarma, ga na'ibin liman, ga abokan shayi sun jeru jikin bango. A bakin ƙofa kuma, a kan buhu, ga Inna Fatsima da sandarta. Tsohuwar da ba ta fita ko suna, Abdurrazak ya ɗoro ta a amalanke tun da safe, wai ya kawo ta a duba mata ido. Ba a duba idon kowa ba ranar nan. Ya san sarai abin da Balki ba ta iya faɗa, ya kuma kawo duk wanda ba za ta iya faɗarsa a gabansa ba. Na tsani mutane a rayuwata, amma ban taɓa tsanar wani kamar yadda na tsane shi a lokacin ba.

"Matar yaya, an iso?" in ji shi, yana murmushi. "Ga Inna nan, ki gaishe ta. Yau dai mu ji muryarki cikin rediyo."

Balki ta durƙusa har ƙasa ta gaida surukarta. Tsohuwar ta amsa da hanci.

Taron ya fara a makare. A fuskar ordinatar babu komai sai baƙaƙen akwatuna da sunaye a ƙasansu, mutanen da ba mu taɓa gani ba kuma ba za mu gani ba. Jagorar, Madam Fa'iza, muryarta na zuwa guntu-guntu, ta fito ta ɓace, wani lokaci ta ja kamar ana magana a cikin tulu. Duk abin da aka faɗa sai ya ɗan jima kafin ya isa, saboda haka mutum biyu su fara magana tare, su yi shiru tare, su sake farawa tare. Wani dattijo daga Keita ya soma da ina kwana da ina gajiya da yaya iyali, bai kai ga sunansa ba Madam ta ce na gaba. Wata mata daga Bangi ta bar mikoronta a buɗe a tsakiyar kasuwa, muka sha kukan jaki da cinikin barkono. Madam ta yi ta roƙo, "Ku ruhe mikoro, don Allah ku ruhe mikoro," har muryarta ta fara nuna ta gaji da mu duka.

Aka kira Abdurrazak kafin Balki. Shi bai dogara da ordinatar Aliyu ba, ya shiga taron da wayarsa. Da ya buɗe mikoronsa a cikin ɗakin, na'urorin biyu suka kama juna, wata ƙara ta tashi mai tsinka kunne, har Inna Fatsima ta toshe nata da mayafi. Aliyu ya daka masa tsawa ya fita waje. Ya fita gindin itacen bedi, ya sa abin kunne mai igiya, sai ga muryarsa ta fito daga ordinatar tas, kamar mai karanta labarai. Ya yi atisaye, ba shakka. Ya faɗi sunansa, ya faɗi ƙungiyarsa, ya ce Gidan Takawa, ya ce Fakon Abdulmumin, ya ƙara da cewa Abdulmumin ɗin yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Madam ta ce madalla, haka ake so. Ya dawo ya jingina da ƙofa kusa da uwarsa.

Bayan mutum biyu aka ce Balki ta Gidan Takawa. Aliyu ya danna, ya yi mata alama ta matso. Ta zauna a bakin kujera, ta kama gefen tebur da hannu biyu.

"Sunana Balki. Gurupma ta mata, Gidan Takawa. Hilinmu..." Ta tsaya. "Hilin mai gidana na. Wanda ag ga arewa."

Aka yi shirun nan na jira. Sannan muryar Madam ta iso.

"Alo, Madam Balki, mun ji sunanki. Sunan hilin muka so. Mi as sunan hilin?"

"Wanda wancan yaf faɗi yanzu," in ji Balki. "Shi na."

"Wane wancan? Mutum nawa sunka yi magana, Madam. Sunan hili."

Ban iya daurewa ba. Daga bayanta na ɗaga murya na faɗi sunan. Amma ina nesa da na'urar, kuma abokan shayi suka ɗauki hayaniya a daidai lokacin, da gangan. Abin da ya isa Tawa hargowa ce kawai. Madam ta ce ba ta son muryoyi da yawa, shugaba kaɗai, kuma mintin ya wuce. Ta ce idan lokaci ya rage a ƙarshe za a dawo kan waɗanda ba a ji ba. Ta kira na gaba.

Wani daga jikin bango ya yi dariya. Na'ibin liman ya gyaɗa kai ya ce wannan ita ce tarbiyya, mace ta gari ba ta sayar da kunyarta saboda ƙasa. Abdurrazak ya ce ai shi ya sani, matar yayansa ba ta taɓa ba su kunya ba. Yabo suke yi mata, suna zare mata gona daga hannu, kuma ita tana zaune tana ji. Na matsa na durƙusa kusa da kunnenta. Ban lallashe ta ba, ban iya ba.

"Ke da kunyarki ku ci bazara," na ce mata. "Mu da munka hwasa dutsi da ke, mi za mu ba ɗiyanmu? Yabon na'ibi?"

Ba ta dube ni ba. Idonta na kan akwatunan nan baƙaƙe.

Can sai wani rubutu ya fito a saman fuskar ordinatar, Aliyu ya ce saura kaɗan manhajar ta rufe. Matar Bangi ta sake buɗe kasuwarta, wannan karon da injin niƙa. Madam ta ce ta gaji, ta rufe mikoron kowa daga wajenta. Sannan ta ce mutum uku ne ba a ji ba, kowa ya faɗi sunan fili kawai, ba wani abu ba. Dattijon Keita ya faɗi nasa. Na biyun rezonsa ya yanke, aka kira shi babu amsa.

"Madam Balki, Gidan Takawa. Maza."

Balki ta saki tebur. Ta gyara ɗaurin kallabinta. Ta matsa har bakinta ya kusa taɓa na'urar, ta ce a hankali, da wata murya da ban san ta da ita ba:

"Hwakon Abdulmumin."

Ɗaya daga cikin baffannin ya ce innalillahi. Ni kaina na saba jin sunan a bakin kowa, amma a bakinta ya fito kamar wani suna dabam.

"Madam Balki?" in ji muryar Tawa. "Ba mu jin ki. Mikoronki ruhe yake."

Aliyu ya dafa kai. Da Madam ta rufe na kowa, namu ma ya rufu, kuma ita ba ta iya buɗe mana daga can, sai mu. Ga alamar nan a ƙasa, ja, da layi a kanta, babu wanda ya lura. Abin da Balki ta tsare tun tana amarya ta zubar da shi, kuma babu wanda ya ji sai mutanen da aka kawo don su ji. Abdurrazak ya fashe da dariya har yana dukan ƙofa.

"Ku ji 'yar azna! Inna, kin ji? Ba ki ce ba tun hwarko?"

Aliyu ya danna ya buɗe mikoron. Ya ce wa Balki yanzu, yanzu. Na ɗauka ba za ta iya ba. Na ɗauka za ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita, kuma da ta yi haka da ban ga laifinta ba. Sai ta faɗa, da ƙarfi wannan karon. Rezon ya zaɓi daidai nan ya yi tsalle.

"Hwakon wa? Ya yanke. Ki sake, Madam, lokaci na tahiya."

Balki ta miƙe tsaye. Ta dafa tebur ta sunkuya a kan na'urar, ta ɗaga muryar da take kiran mu da ita daga wancan gefen gona.

"Abdulmumin! Hwakon Abdulmumin! Mijina na, shi ya ba mu, mu munka gyara shi! Abdulmumin! Kun jiya?"

Har masu shago a waje sun ji. Aka yi jiran nan na rezo, wanda a wurina ya fi duk na baya tsawo. Sannan Madam ta ce ta ji, kuma wannan sunan an riga an ambace shi yau, saboda haka filin yana da masu nema biyu, an dakatar da shi sai an zo bincike. Ta fara godiya ga mahalarta, ba ta kai ƙarshe ba manhajar ta rufe, akwatunan suka ɓace.

Babu wanda ya yi wa Balki barka. Baffannin suka tashi suka kakkaɓe riguna suka fita ba su dube ta ba. Na'ibin da ya gama yabonta ya ce ai asali ba ya ɓuya. Abdurrazak ya daina dariya, ya zo har gabanta ya nuna ta da yatsa, ya ce daga yau kada ta ƙara taka gidansu. Inna Fatsima ta ja mayafinta. Aka ɗaga ta aka ɗora a amalanke, fuskarta a rufe. Mu kuma muka tako da ƙafa. Duk tsawon hanyar Balki na gaba ina baya, ba ta yi kuka ba.

Wani daga cikin abokan shayi ashe ya naɗi abin a wayarsa. Kafin sati ya zagayo muryar Balki ta gama garin, ta kai har Bangi wurin 'yarta. Samari na kunna ta idan ta wuce. Matan da suke cin geron gonar nan, wasunsu suka fara cewa ai da ta nemi wata dabara. Da waɗannan na yi faɗa har na rasa murya, don raina Balki aikina ne, ban yarda wata ta taya ni ba. Masu bincike dai ba su zo ba tukuna, sun ce sai bayan kaka. Takarda ba ta fito wa kowa ba. Mun shuka gonar bana kamar kullum, Abdurrazak na wucewa a babur yana tofar da yawu.

Ana cikin haka, wata ranar Juma'a bayan la'asar, Inna Fatsima ta aiko a kira Balki. Balki ta leƙo ta kan katanga ta ce in raka ta, in za a tsine mata gara a yi da shaida. Muka same ta ita kaɗai a ɗakinta, maza duk suna waje. Muka durƙusa. Tsohuwar ba ta amsa gaisuwa ba, ta shiga zagi kai tsaye. Ta ce tun ranar da aka kawo Balki ta san za a yi haka. Ta ce marar kunya, 'yar masu yanka a dutse, ta tozarta gidan malamai a gaban baƙin da ko fuskarsu ba a gani. Balki na sunkuye tana cewa a yi haƙuri. Ni ina ta cizon leɓe.

Sai zagin ya ƙare, kamar ruwa ya ɗauke. Tsohuwar ta shiga shafa sandarta. A nan ne na tuna abin da kowa ya sani amma ba wanda ya kawo a ransa: Abdulmumin ɗan farinta ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ita ma tun ranar suna ba ta taɓa faɗarsa ba, "wancan" take cewa, ko "babban". Tun da ya rasu kuma mutanen gidan suka daina ambatonsa a gabanta, wai don kada su tayar mata da hankali.

"Can Deule," in ji ta, ba ta dubi kowa ba, "kin yi ta kururuwa ma mutanen cikin akwati. Ni kunnena ya mutu, ƙarar ga ta ƙarasa shi. Hayaniya kawai niji."

Ta juyar da kai, ta janye mayafi daga kunnenta na dama, wanda ya fi ji.

"Matso nan, marar kunya. Hwaɗa mini shi, sannu."

Balki ta ja gwiwa ta matsa. Ni na tashi na fita na ja musu ƙofa, na tsaya a tsakar gida ina korar kaji daga shanyar gero.